Darasi na Tara: Imel Zuwa ga Wanda Ya Kai Matakin Ƙarshe Amma Ba a Ɗauke Shi Aiki Ba

Duk wanda ke riƙe da wani matsayi a wurin aiki, shugabar makaranta ce, manajan kanti ne, ko sakataren ƙungiya, wata rana zai tsinci kansa da gurbi ɗaya da mutum uku da suka cancanta. Ɗaya za a ɗauka. Sauran biyun sai an gaya musu, kuma a nan ne hannu ke yin nauyi. Rubuta wa wanda ya yi nasara ba ya ɗaukar minti biyar. Wasiƙar wanda ya zo na biyu kuwa, sai a yi ta ɗaga ta, yau da gobe, har a bar ta gaba ɗaya, mutum ya ji labari a bakin wani cewa ai tuni sabon ma'aikaci ya kama aiki.

A wannan darasi za mu koyi rubuta wannan wasiƙa ta imel. Misalan da Hausa suke, amma ko da Turanci ofishinku ke aiki, ko da Faransanci kamar a Nijar, tsarin bai canza ba.

Me ya bambanta wannan mutum da sauran masu nema

Wanda ya aiko takardunsa aka ajiye su tun zagayen farko, layi uku na godiya sun ishe shi. Wanda ya kai matakin ƙarshe kuwa ya riga ya kashe wani abu. Ya biya kuɗin mota, wataƙila sau biyu. Ya nemi izini a inda yake aiki, ko ya rufe shagonsa na yini. Ya roƙi tsohon shugabansa ya tsaya masa shaida. Ya gaya wa iyayensa ko matarsa cewa an kira shi, kuma kullum da safe ana tambayarsa ko sun yi magana. Mai yiwuwa ma akwai wani wurin da ya ce masa ya zo, shi kuma yana ja musu lokaci don ya ji daga gare ku.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da mai rubutu ya kamata ya riƙe a ransa. Muddin ba ku ce masa a'a ba, ba zai iya ce wa wani e da zuciya ɗaya ba. Mu mutane ne masu kara, kuma muna jin nauyin mu kalli mutum mu ce ba mu ɗauke ka ba. Sai mu ce “za mu neme ka”, ko “ana kan magana”, muna ganin mun sassauta masa. A gaskiya kanmu muka sauƙaƙa wa, shi kuma mun bar shi jiran gawon shanu. Tausayin da ake nema a wannan wasiƙa yana cikin saurin aika ta da fitowar maganarta fili, kafin a zo ga daɗin kalmomi.

Misalin da za mu bi

A ce wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano yana neman mataimakin akanta. Mutum uku suka kai zagayen ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu, mu kira ta Malama Wance, tana da babbar difloma a fannin akanta, ta yi shekara huɗu tana kashiya a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya, kuma daga can ta zo ganawa har sau biyu. A zama na biyu an ba kowannensu gwajin awa ɗaya: ga littafin kuɗi na wata guda, ga takardar bayanin asusu daga banki, a daidaita su.

Littafin kuɗi ya nuna saura naira 1,250,000, banki kuma ya nuna 1,418,500. Bambancin 168,500 ne, kuma abu uku suka haifar da shi. Banki ya cire cajinsa na 6,500 ba a rubuta a littafi ba. Wani kwastoma ya turo 95,000 kai tsaye cikin asusu, shi ma ba a rubuta ba. Sannan akwai cek na 80,000 da kamfani ya ba wani dila, an rage shi a littafi, amma dilan bai kai shi banki ba tukuna. Malama Wance ta gano biyun farko, ta gyara littafin ya koma 1,338,500. Cek ɗin ne ya kuɓuce mata, lokaci ya ƙare da 80,000 a hannunta ba bayani. Wanda aka ɗauka ya gano duka ukun.

A takardun makin 'yan kwamiti an sami waɗannan maganganu a kanta. Ɗaya ya rubuta cewa tana da natsuwa, kuma yadda ta bayyana tsarin da ta ƙirƙiro na bin bashin kuɗin makaranta ya burge shi. Na biyu ya rubuta cewa ba ta kammala daidaita asusu ba, ba ta taɓa yin sa a wurin aiki ba. Na uku ya rubuta tambaya: tana da ƙananan yara, anya za ta iya dawowa Kano?

Daga wannan za mu gina wasiƙar. Ku lura tun yanzu cewa ba a fara rubutu da tunanin kalmomi masu daɗi. Ana farawa ne da ɗauko takardun maki a karanta, don abin da za a gaya wa mutum ya zama shi ne abin da ya faru a ɗakin.

Yaushe za a aika

Akwai ranaku biyu da ke takura mai rubutu, kuma wani lokaci suna karo da juna.

Ta farko ita ce ranar da wanda aka zaɓa ya amince a rubuce. Kada a sallami Malama Wance kafin wannan. Yana faruwa sosai wanda aka zaɓa ya ga albashi ya ce bai yi masa ba, ko inda yake su ƙara masa kuɗi ya fasa tahowa. Idan kun riga kun rubuta wa Malama Wance cewa ba ku ɗauke ta ba, komawa gare ta bayan kwana uku yana da nauyi, kuma ita ma za ta shigo da sanin cewa cike gurbi aka yi da ita. Amincewar baki a waya ba ta isa ba. A jira ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki ko ya amsa ta imel.

Ta biyu ita ce ranar da kuka yi mata alkawari. Idan a ƙarshen ganawa an ce mata za ta ji sakamako cikin mako biyu, to mako biyun bashi ne. In ranar ta zo wanda aka zaɓa bai amsa ba, a aika mata gajeren saƙo: “Mun ce za ki ji daga gare mu yau. Ba mu kammala ba tukuna, kuma har yanzu kina cikin waɗanda ake dubawa. Za mu rubuto miki ranar Laraba ko kafin nan.” Wannan gaskiya ne, ba a yi mata alkawarin aiki ba, kuma ta sami rana da za ta iya gaya wa wancan wurin da ke jiranta.

Da zarar amincewa ta shigo, a aika wasiƙar a ranar ko washegari. A ganina safiyar ranar aiki ta fi, domin in ta amsa da tambaya akwai wanda zai ba ta amsa kafin a tashi. Saƙon da ya shiga wayarta ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko da yammacin Juma'a bayan an kulle ofis, zai bar ta da shi ita kaɗai har Litinin. In da dare kuka sami damar rubutawa, a Gmail akwai `Schedule send` kusa da maɓallin aikawa, sai a saita shi ya tafi da safe.

Wasu sun fi son su kira a waya, kuma niyyarsu mai kyau ce. Sai dai mai jiran sakamako in ya ga lambar kamfani, zuciyarsa na gaya masa an ɗauke shi, sannan dole ya haɗiye labarin ya yi godiya nan take, ko a aji yake ko a kasuwa. Imel yana ba shi damar ya karanta shi kaɗai, ya huce, ya amsa in ya shirya. Don haka a fara da imel, a yi tayin kira a cikinsa. In ma'aikacinku ne na cikin gida ya nemi ƙarin matsayi bai samu ba, wannan daban ne: a zauna da shi ido da ido, imel ya biyo baya.

Rubutun farko, da abin da ke damunsa

Ga irin abin da hannu ke fara rubutawa:

“Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya iyali, ya aiki? Haƙiƙa mun ji daɗin haɗuwa da ke, kuma kin burge kwamiti matuƙa da iliminki da ƙwarewarki da kyawawan halayenki. Gaskiya irinku ake nema. Sai dai a halin yanzu, saboda wasu dalilai, abubuwa ba su tafi yadda aka so ba. Komai rabo ne, kuma Allah bai yi ba. Za mu neme ki nan gaba in sha Allah.”

Babu kalma ɗaya mai zafi a ciki, amma ku karanta ta da idon Malama Wance. Bayan gaisuwa, layukan farko yabo ne zalla, irin wanda ake buɗe takardar ɗaukar aiki da shi, don haka ranta ya riga ya yi fari kafin ta iso “sai dai”. Da ta iso, ba a ce mata ba a ɗauke ta ba. “A halin yanzu” na iya nufin an ɗage ɗaukar aikin. “Wasu dalilai” zai sa ta kwana tana lalube: shekaruna ne, ko don ni mace ce, ko don ba ni da kowa a ciki? “Za mu neme ki” kuma alkawari ne da ba wanda ya yi niyyar cikawa. Alamar da za ku gane wasiƙa ta gaza ita ce amsar da ke dawowa: “Na gode, to yaushe zan ji sakamakon?”

Maganar rabo tana bukatar a tsaya a kanta. Gaskiya ce da dukanmu muka yarda da ita, kuma wataƙila da ita Malama Wance za ta rarrashi kanta, da ita mahaifiyarta za ta rarrashe ta. Amma ba a bakin wanda ya yanke hukunci ya kamata ta fito ba. Mutum uku ne suka zauna suka duba maki suka zaɓa. In suka ce Allah bai yi ba, sun janye hannunsu daga abin da suka yi, kuma sun toshe mata hanyar tambaya, don ba wanda zai nemi bayani a kan ƙaddara. Addu'a a ƙarshen wasiƙa tana da kyau. Kada dai ta zauna a mazaunin dalili.

Wasiƙar da aka gyara

A layin `Subject` a rubuta: Sakamakon neman aikin mataimakin akanta. Kada a sa “Gaisuwa”, kada kuma a bar wurin fayau.

“Assalamu alaikum Malama Wance,

Mun gode da zuwanki ganawa ta biyu ranar Talata. Na rubuto ne in sanar da ke cewa mun kammala zaɓe, kuma ba ke muka ɗauka ba. An ba wani aikin, ya kuma amsa.

Na san kin taso daga Zariya har sau biyu saboda wannan, don haka ya kamata ki san dalili. Babban aikin wannan kujera shi ne daidaita littafin kuɗi da bayanin banki duk ƙarshen wata, ba tare da mai dubawa a kusa ba. A gwajin da aka yi kin gano cajin banki da kuɗin da kwastoma ya turo, amma cek na 80,000 da ba a kai banki ba ya rage. Wanda muka ɗauka ya kammala gwajin, kuma ya taɓa yin wannan aiki. A nan bambancin ya fito.

Bayanin da kika yi na yadda kike bin bashin kuɗin makaranta ya gamsar da kwamiti, kuma shi ya kawo ki cikin ukun ƙarshe. In irin wannan aiki za ki ci gaba da nema, shawarata ita ce ki roƙi akantan makarantarku ya bar ki ki riƙa yin daidaitawar wata-wata tare da shi.

Kuɗin motar da muka ce za mu mayar zai shiga asusunki kafin Juma'a. Muna so mu ajiye takardunki na wata shida ko da gurbin kashiya zai buɗe. Ban san ko zai buɗe ba, kuma in ba ki so, ki gaya mana mu goge su. In kina son ƙarin bayani a kan gwajin, ina iya kiranki ranar Alhamis da safe na minti goma.

Allah ya ba ki abin da ya fi alheri.”

Sai sunan mai rubutu, matsayinsa, da lambar ofis. Wanda ya shugabanci ganawar shi ya fi dacewa ya sa hannu, daga adireshin da in an amsa wani zai gani.

Hukuncin ya zo a jimla ta biyu. Gaisuwa ɗaya, godiya ɗaya, sai magana. Yawancin mutane a waya za su buɗe saƙon, kuma layukan farko kawai suke gani kafin su ja ƙasa. Ya kamata a waɗannan layuka su san matsayinsu. “An ba wani aikin, ya kuma amsa” yana da ɗan nauyi a kunne, amma shi ne ke hana ta sake biyan kuɗin mota ta zo bin sawu, ko ta nemi wanda zai yi mata kamun ƙafa.

Dalilin guda ɗaya ne. Mai yiwuwa a takardun maki akwai wasu ƙananan abubuwa, a ce tana da jinkiri a Excel ko muryarta ba ta fita sosai. An bar su. Wanda aka ƙi ɗauka ba zai iya ɗaukar jerin laifuffuka biyar a zama ɗaya ba, kuma jerin yana sa wasiƙa ta koma kamar kamfani na kare kansa. A tambayi kwamiti: wane abu ne da a ce ya canza, da ita za mu ɗauka? Amsar ita ce dalilin. Kuma a duba shi da ma'auni uku kafin a rubuta: ya shafi aikin da aka tallata, an gan shi da ido a ganawa ko gwaji, kuma abu ne da mutum zai iya gyarawa. Cek na 80,000 ya cika duka ukun. “Ba ki dace da mu ba” bai cika ko ɗaya ba.

Yabon ma guda ɗaya ne, kuma ya zo bayan hukunci. “Kin burge mu matuƙa” ana iya rubuta wa kowa, ita ma ta sani. Ambaton tsarinta na bin bashi kuwa yana nuna an saurare ta, sannan yana da amfani: ta san abin da za ta sa a gaba a ganawa ta gaba. Kwatanta ta da wanda aka ɗauka ya tsaya a kan gwajin da gogewar aikin. Ba a faɗi sunansa ba, ko makarantar da ya yi, ko makinsa. Wannan sirrinsa ne.

Sakin layi na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Duk wani abu nata da ke hannunku a ambace shi da rana: kuɗin mota in an yi alkawarinsa, takardun shaida na asali in an karɓa don tantancewa. Game da ajiye takardunta kuwa, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi cewa kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu don abin da aka karɓe su, kuma ta ba shi damar ya nemi a goge. Shi ya sa aka faɗi tsawon lokaci, aka kuma ba ta zaɓi. In kun san ba za ku neme ta ba, ku cire wannan jimla gaba ɗaya. Wasiƙar ba ta rasa komai ba.

Dalilin da ba ya rubutuwa

Mu koma ga tambayar ɗan kwamiti na uku, ta ƙananan yara. Wannan ba ta shiga wasiƙa, kuma bai kamata ta shiga zaɓe ba tun farko. Ita ta nemi aiki a Kano, ita ta san yadda za ta yi da gidanta. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana wariya saboda cutar HIV, da dokar 2018 da ta hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman. Jimla irin “mun ga aikin zai yi wa mace mai iyali nauyi”, ko da tausayi aka rubuta ta, shaida ce a rubuce cewa an yi wariya.

Amma kada a ɗauki wannan a matsayin dabarar ɓoyewa. In kuka zo rubuta dalili kuka ga kuna jin kunyar sa shi a takarda, matsalar ba ta wasiƙa ba ce, ta hukuncin ce. A mayar da maganar gaban kwamiti kafin a aika komai. A misalinmu gwajin ya raba gardama, shi ya sa wasiƙar ta rubutu cikin sauƙi. Wannan ma dalili ne na yin gwaji iri ɗaya ga kowa da rubuta maki nan take: ranar rubuta wasiƙa akwai abin da za a dogara da shi.

Wani lokaci kuma babu wani rauni da za a nuna. Mutum biyu sun yi kunnen doki, ɗaya ya fi da shekara biyu na gogewa. Sai a faɗi haka: “Ba mu ga wani gibi a aikinki ba, wanda muka ɗauka ya fi daɗewa a irin wannan kujera, shi ke nan.” Ko kuma kuɗin da aka ware ya yanke, an soke gurbin. A faɗa, don kada ta ɗora wa kanta laifi. Mafi wuya shi ne in mai kamfani ya tsallake kwamiti ya kawo nasa. A nan sakatare ba shi da ikon tona abin da ya faru, amma yana da ikon kada ya ƙirƙiro wa baiwar Allah laifin da ba ta yi ba. Ya rubuta hukunci a fili, ya faɗi abin da ta yi da kyau, ya tsaya. Shawarar ƙarya ta fi rashin shawara illa, domin za ta tafi ta kashe kuɗi da lokaci tana gyaran abin da bai lalace ba.

Wasu ofisoshi ma sun hana ba da dalili a rubuce gaba ɗaya. In haka dokar wurinku take, ku bi ta, amma ku ce da mutum “ba ma bayar da bayanin maki”, maimakon ku cika wurin da “wasu dalilai”.

Kafin a danna `Send`

Yawancin ɓarnar da ke faruwa a wannan mataki daga kwafe take zuwa. An rubuta wa namiji, an kwafa don mace, an canza suna a sama, amma a tsakiya “mun gode da zuwanka” yana nan. Mai karatu zai gani nan take, kuma duk kulawar da aka nuna ta rushe. A karanta wasiƙar da murya daga farko zuwa ƙarshe, ana duba kowane ka da ki, sunan gari, ranar ganawa da sunan kujera. In mai neman ya girme ku sosai, a yi masa Alhaji ko Hajiya ko Malam yadda aka kira shi a ganawa. In ba Musulmi ba ne, “Barka da warhaka” ta wadatar.

Kowane mutum da wasiƙarsa. Kada a haɗa mutum biyu a `To` ko `Cc`, don kowa zai ga adireshin ɗan'uwansa ya san wa aka ƙi. `Bcc` na ɓoye adireshi, amma saƙo ɗaya ga mutum biyu ba zai ɗauki dalilin kowannensu ba. A buɗe sabon saƙo, kada a yi `Forward` ko `Reply all` daga zaren da 'yan kwamiti suka tattauna, domin duk abin da suka faɗa yana maƙale a ƙasa, har da tambayar nan ta yara. A Gmail ana iya saita `Undo Send` ya kai daƙiƙa 30, kuma yana ceto in an ga kuskure nan take. Bayan wannan saƙo ya tafi. Kada kuma a sauya imel da saƙon WhatsApp. Ana iya tura layi ɗaya ta can cewa an aiko imel, musamman ga wanda ba ya yawan duba akwatinsa, amma hukuncin ya tafi ta hanyar da za a iya ajiyewa a fayil.

In amsa ta dawo

Mafi yawa godiya ce, kuma layi ɗaya ya isa amsa ta. Wani zai rubuto cikin fushi. A bari ya kwana, sannan a amsa sau ɗaya, a taƙaice, da dalilin da aka riga aka faɗa. Ƙaro sabbin dalilai yana sa na farkon ya zama kamar ƙarya. Wani kuma zai turo babban mutum, kawunsa ko limamin unguwa, ya sa baki. A karɓe shi da girmamawa, a ce an riga an cike gurbin, amma kada a buɗe masa takardar maki, don ba shi ya zauna gwajin ba. In kuma Malama Wance ta ce tana son kiran ranar Alhamis, a kira a kan lokaci, da takardar gwajinta a gaba, a nuna mata layin da cek ɗin yake da yadda ake gano irinsa: a bi lambobin cek da ke littafi ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda bai fito a takardar banki ba.

Aikin aji

Na farko, ku koma rubutun farko ku ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da za ta iya sa mai karatu ya zaci har yanzu akwai dama.

Na biyu, wata makarantar firamare ta gwada malamai biyu da darasin minti ashirin a aji huɗu. Wanda ba a ɗauka ba ya san lissafi sosai, allonsa a tsare, amma bai yi wa yara tambaya ko ɗaya ba har ya gama. Wata 'yar kwamiti kuma ta rubuta cewa ya yi tsufa da aikin. Ku rubuta masa imel da bai wuce kalma 180 ba. Ku musanya da na kusa da ku, shi kuma ya amsa tambayoyi uku ba tare da ya sake dubawa ba: an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, saboda me, kuma me zai yi daban a gwaji na gaba?